Daren da na kwana a bayan kanta

Shekarata 22 a lokacin, kuma ban taɓa taka caji ofis ba, ko da raka wani. A gidanmu ana jin labarin kamu ne kamar yadda ake jin labarin gobara a wata unguwa: a tausaya, a yi addu'a, a ci gaba da harkoki. Mahaifinmu ya rasu ina ƙarami, mahaifiyarmu ce ta riƙe mu ni da yayana, kuma kullum maganarta ɗaya ce, kada mu ja mata abin da za a nuna ta da yatsa. Da wannan tsoron na tashi, har na ɗauka cewa mutumin da bai yi sata ba, bai yi faɗa ba, babu abin da zai haɗa shi da ɗan sanda.

Waya ce ta haɗa ni da su. Ina koyon aikin gyaran lantarki, na daɗe ina tara ɗan abin da nake samu don in sayi waya mai kyau. Wani da muka san juna sama-sama ya ce yana da ɗaya ta hannu, matsuwa ce ta sa zai sayar. Na duba, ba tsaga, ba matsala, kuɗin kuma ya yi ƙasa da na kasuwa sosai. Zan faɗi gaskiya a nan, domin ita ce amfanin wannan rubutu: zuciyata ta ɗan yi ɗar da arahar. Na tambaye shi kwali, ya ce ya ɓata wajen tashi daga gida. Na tambaye shi rasit, ya yi dariya ya ce wa ke ajiye rasit. Son abin ya rinjaye ni, na tura masa kuɗin ta banki, na sa layina, na koma gida ina murna.

Sati 3 bayan nan, wajen ƙarfe 5 na yamma, mutum biyu cikin farin kaya suka tsaya a wurin aikinmu. Ɗaya ya kira lambata, wayar ta yi ƙara a aljihuna. Ya miƙo hannu na ba shi, ya danna `*#06#`, wata doguwar lamba ta fito, ya gwada ta da wadda ke rubuce a takardarsa. Daga baya na san sunanta IMEI, lamba 15 ce da kowace waya ke ɗauke da ita tun daga masana'anta. Canza layi ba ya canza ta, goge duk abin da ke cikin wayar ma ba ya taɓa ta. Duk layin da aka sa, kamfanin sadarwa yana ganin sa haɗe da wannan lamba. Wato tun ranar da na sa layina, sunana ya manne da wayar da aka ƙwace wa wata mata.

Suka ce in biyo su, tambayoyi kaɗan ne. Maigidana ya fita sayen kayan aiki, sai wani yaro ƙarami a wurin. Ban tsaya na bar masa saƙo ba, domin na yarda da kalmar "kaɗan". Wannan ne kuskurena na biyu.

A kantar caji ofis aka ce in zazzage aljihuna. Ɗan sandan da ke wurin ya buɗe wani babban littafi yana rubuta abin da na ajiye: 'yan kuɗi, makulli, katin banki, tasta ta gwada wuta. Aka ce in cire bel da agogo da takalmi. Ban duba abin da ya rubuta ba, ban ma san ana dubawa ba. Da na ce a bar ni in sanar da gida, sai ya ce in faɗi lamba. Na buɗe baki, babu komai a kaina. Lambar mahaifiyata, lambar yayana, lambar maigidana, duk suna cikin wayar da yanzu ta zama kayan shaida a cikin leda. Farkon lambar yayana kawai na iya tunawa da ƙarshenta, tsakiyar ta ɓace mini. Na tsaya ina lissafi da yatsu, ɗan sandan ya rufe littafinsa.

Mai binciken ya shigar da ni wani ɗaki, ya yi mini tambayoyi na amsa, shi kuma yana ta rubutu da hannunsa. Da ya cika shafi ɗaya da rabi sai ya juyo da takardar, ya ɗora biro a kai.

"Sa hannu a nan, ka tafi gida ka kwana."

Na ɗauki biron. Hannuna na rawa har na kasa riƙe shi daidai. Daidai lokacin aka leƙo aka kira shi, wai an kawo wasu mutane. Ya janye takardar ya sa a fayil, ya ce da safe ma ƙarasa, a kai ni ciki. A ranar na ji haushin wanda ya leƙo ɗin, ina ganin shi ya hana ni kwanan gida. Yau kuwa ba na tuna shi sai da alheri.

Abin da ya fara tarbata a sel wari ne, kafin idona ya saba da duhun. Warin fitsari da gumi da numfashin mutane da yawa a wuri ƙarami. Ɗakin bai fi taku 5 a tsawo ba, da wata 'yar taga mai ƙarafa can kusa da rufi, da bokiti a kusurwa. Da ni muka zama 11. Ƙarar kwaɗon da aka datse a bayana har yanzu ina jin ta idan aka rufe ƙofar ƙarfe da ƙarfi kusa da ni.

Wata murya ta ce, "Sabon zuwa, me ya kawo ka?"

Na ce ban yi komai ba. Wasu suka yi dariya, ba ta mugunta ba, ta mutanen da suka sha jin wannan amsa. Aka nuna mini wurina, kusa da bokiti, domin can ne wurin wanda ya zo ƙarshe. Sel yana da nasa tsarin: wanda ya fi daɗewa shi ke kusa da ƙofa inda iska ke ɗan shigowa, shi ke raba wurin kwanciya, shi ke magana da na waje. Na tsuguna na haɗa kai da gwiwa. Simintin yana da danshi, sauro na kuka a kunnena, kuɗin cizo suka fara aikinsu a ƙafafuna. Amma ba wannan ya fi damuna ba. Mahaifiyata nake gani tana leƙa ƙofa, tana kiran wayata a kashe, tana aika yayana wurin abokaina ɗaya bayan ɗaya. Nan hawaye suka zo, na toshe bakina da riga don kada a ji.

An ji. Wani dattijo da ke jingine da bango ya ce wa na kusa da shi ya matsa, ya ce in dawo gefensa. Direban babbar mota ne, an tsare shi kan wani haɗari da ya faru, kuma daga maganarsa na gane ba wannan ne karonsa na farko a irin wurin ba. Ban taɓa ganin fuskarsa sosai ba sai da gari ya waye.

Ya ce, "Yaro, kukan ya isa. Ba ni labari daga farko, kada ka tsallake komai."

Na ba shi. Bai katse ni ba sai da na zo wurin takarda.

"Ka sa hannu?"

"A'a, Baba. Saura kaɗan."

"Ka karanta abin da ya rubuta?"

"Ai abin da na faɗa ya rubuta."

"Wa ya gaya maka?"

Na yi shiru. Sai ya sassauta murya ya yi mini bayanin da ban taɓa ji daga kowa ba, ko a makaranta. Ya ce maganar baki iska ce, gobe kowa zai iya cewa bai ji ba, amma takardar da ka sa wa hannu ita za ta riga ka zuwa gaban alƙali, ita za ta yi magana kai kana tsaye. Ya ce ba lallai ne mai rubutun ya nufe ka da sharri ba, wani gajiya ce, wani sauri yake ya rufe fayil, wani kuma ya riga ya yanke a ransa kai ne mai laifi, sai ya rubuta abin da ya fahimta a madadin abin da ka faɗa. Ko ma mene ne dalili, sa hannunka ne a ƙasa.

Sannan ya tambaye ni abin da ya sa jikina ya yi sanyi. "Da ya tambaye ka ko ka san wayar ta sata ce, me ka ce?"

Na tuna. Na ce masa ban sani ba, sai ya ce, amma ai ka ga ta yi araha. Na ce haka ne. Ya ce, ka ga ke nan ka yi zargi. Ni kuma don in nuna ba ni da gardama, na ce, to, haka ne, Yallaɓai.

Dattijon ya ja numfashi. Ya ce duk shari'ar tana rataye a wannan wuri. Sayen abin da daga baya ya zama na sata daban, karɓar kayan sata kana sane daban. Abin da ke mayar da mai saye mai laifi shi ne sani, ko samun dalilin da ya isa ya sa mai hankali ya gane. Ya ce, "Kai ladabi ka yi, ka ce 'haka ne'. A takarda ba a rubuta ladabi. Za ka tarar an rubuta ka sani."

Na ce to ni yanzu me zan ce, tunda gaskiya raina ya ɗan yi ɗar?

Ya ce, "Ban ce ka yi ƙarya ba. Ƙarya ɗaya idan aka kama ka da ita, gaskiyarka goma ta mutu. Ka faɗi abin da ya faru: wa ya sayar maka, yaushe, a ina, nawa, ta yaya ka biya, me ka tambaye shi, me ya amsa. Abin da ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba. Kada ka yi hasashe don ka faranta wa mai tambaya. In ka ga tambayar ta fi ƙarfinka, ka ce sai lauya ko wani naka ya zo. Shiru ba laifi ba ne."

Ya sa na maimaita masa labarin sau uku a cikin duhun nan, daki-daki. A karo na biyu na tuna cewa mun yi cinikin ne ta saƙon waya, har da inda na tambayi kwali da rasit. A karo na uku na tuna abokin aikina yana tsaye lokacin da aka miƙo mini wayar. Tsoro ya rufe mini duk waɗannan a ɗakin bincike. Ya kuma gaya mini yadda ake yi da takardar in an ba ni: in karanta kowane layi, in ban gane rubutun ba in ce a karanta mini, inda ba daidai ba a soke da layi ɗaya in sa hannu a gefen gyaran, in kuma an bar fili a ƙasa in ja layi a kai don kada a ƙara wani abu bayan na fita. Farar takarda kuwa, ya ce ko me aka yi mini alkawari kada in sa mata hannu.

Daren bai wuce da sauƙi ba don na samu mai magana da ni. Babu agogo, ba ka san ko ƙarfe 1 ne ko 4 ba. Kwanciya a gefe ɗaya ake yi, in za a juya sai an juya tare. Wani yana ta tari, wani yana sambatu cikin barci. Can tsakar dare aka buɗe ƙofa aka turo wani a buge, ya yi ta dukan ƙarfe yana zagi har ya gaji. Na riƙe fitsari har marata ta yi ciwo saboda kunyar bokitin, daga ƙarshe dole na tashi, kuma babu wanda ya ko ɗaga kai. A nan na ga wani abu game da mutanen da na shigo ina ƙyama. Wanda ake zargi da fasa shago shi ya miƙo mini sauran ruwan da ke hannunsa. Ban san ko ya aikata ko bai aikata ba, har yau ban sani ba, amma ruwan na sha.

Akwai wani yaro a ɗaya gefena, bai kai ni shekaru ba, wanda tun shigowata bai ce uffan ba. Wajen asuba ya taɓo ni ya ce, "Yaya, in ka fita za ka taimake ni?" Kwanansa 4 a ciki. An kwaso su ne a wani samame da dare, sauran duk an zo an yi belinsu, shi kuwa babu wanda ya san inda yake. Ba shi da waya, bai haddace lambar kowa ba. Wurin yayarsa yake zaune. Ya kwatanta mini gidan: layin da za a bi, kwanar da za a sha, ƙofa mai shuɗin fenti kusa da wata bishiya. Ya sa na maimaita, kamar yadda dattijon ya sa ni. Na ce masa in Allah ya fitar da ni zan je. Lokacin ban san ko ni kaina zan fita ba.

Da hantsi aka kira sunana. Mai binciken ya ajiye takardar jiya da biro. Na ce, "Yallaɓai, ina so in karanta tukuna." Ya dube ni, ya ce jiya ba haka muka yi ba, wa ya koya mini? Na ce ina so ne kawai in karanta. Muryata na rawa, amma ban ɗauki biron ba. Ya tura mini takardar.

A shafi na biyu na gan shi. An rubuta cewa na sayi wayar duk da na san ba ta halal ba ce saboda arahar kuɗinta. Na ɗora yatsa a kan layin na ce wannan ban faɗa ba. Ya ce na faɗa. Na ce abin da na faɗa shi ne ta yi araha, na tambayi rasit, aka ce ya ɓata. Ya ɗaga murya, ya ce in ina son komawa ciki sai in koma. Na ce, "Yallaɓai, ka yi haƙuri, ba zan sa hannu a kan wannan layin ba." Ban zage shi ba, ban ɗaga murya ba, dattijon ya riga ya gargaɗe ni cewa tsiwa sabon laifi take haifarwa. Aka mayar da ni sel.

Waɗannan awanni biyu sun fi daren tsawo. Na yi ta tambayar kaina ko na yi wauta, ko da na sa hannu da yanzu ina gida. Dattijon bai ce mini komai ba, ya dafa kafaɗata kawai.

Ashe yaron nan na wurin aiki ya gaya wa maigidana cewa wasu mutum biyu sun tafi da ni. Maigidan nawa da yayana suka kwana suna zagaya asibitoci da ofisoshin 'yan sanda, wannan ne na huɗu da suka shiga. Sun zo da wata lauya. A gabanta aka ba ni sabuwar takarda na rubuta bayanina da hannuna. Ta nemi a buɗe saƙonnin da ke cikin wayar, aka ga cinikin da tambayata ta rasit. Yayana ya nuna shaidar tura kuɗi daga banki mai ɗauke da sunan wanda ya karɓa da ranar. Fuskar mai binciken ta canza, domin yanzu ya samu abin da yake nema tun farko, hanyar da za ta kai shi ga wanda ya sayar.

Yayana ya tsaya mini aka ba da belina. Lauyar ta bayyana mana cewa beli ba wankewa ba ne, alkawari ne cewa zan dawo duk ranar da aka neme ni, in na ƙi kuwa wanda ya tsaya mini za a riƙe. Ta ce kusan ko'ina doka ta iyakance lokacin da za a tsare mutum ba a kai shi kotu ba, a wurare da yawa awa 24 ko 48, kuma yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 kan 'yancin ɗan ƙasa da na siyasa ta ce dole a gaya wa wanda aka kama dalilin kama shi, a kai shi gaban alƙali ba da ɓata lokaci ba, kuma ba a tilasta masa ya amsa laifi. Da ta faɗi awa 48 sai yaron nan mai kwana 4 ya faɗo mini a rai. Ba ta kuma raga mini ba. Ta ce araha mai yawa, ba kwali, ba rasit, irin abubuwan da alƙali ke dubawa ke nan ya ce ya kamata mutum ya gane, kuma da babu saƙonnin nan da shaidar banki, da maganar ta yi nisa.

A kanta aka buɗe littafin aka mayar mini da kayana. Wannan karon na karanta layin kafin in sa hannu. Na roƙi a bar ni in yi wa dattijon sallama, aka ce babu dama. Na ɗaga murya daga inda nake na ce, "Baba, na fita!" Daga ciki na ji ya ce, "Allah ya kiyaye gaba, ɗana." Ban sake ganinsa ba.

Na yi wata biyu ina zuwa ofishin duk ranar da aka sa mini. An kama wanda ya sayar mini, na zama shaida, matar ta karɓi wayarta, kuɗina kuma sun tafi. Na ga matar sau ɗaya, da tabo a hannunta inda aka yanke ta wajen ƙwacen. Sati 3 na yi ina murna da abin da aka zubar da jininta a kansa. Wannan ya fi kwanan sel tsaya mini a rai, kuma tun daga ranar ban sake sayen waya ta hannu ba sai mai ita ya danna `*#06#` a gabana, na gwada lambar da ta jikin kwali ko rasit, mun rubuta takardar ciniki da sunansa da lambar da sa hannun shaida. Lambobin mutum uku kuma suna kaina yanzu, ko cikin barci aka tashe ni zan faɗe su.

Amma a ranar da na fito, kafin duk wannan, da na isa gida mahaifiyata ba ta yi faɗa ba. Ta riƙe hannuna tana duba cizon da ke jikina, ta ce in je in yi wanka in kwanta. Na yi wankan, na ce mata akwai saƙon da zan kai. Yayana ya ce ba zan fita ni kaɗai ba, muka tafi tare. Mun ɓata sau biyu kafin mu ga bishiyar da ƙofa mai shuɗin fenti. Wata mata ta buɗe, idanunta a kumbure. Na ce mata ƙaninta yana raye, lafiyarsa ƙalau, jiya tare muka kwana, na gaya mata inda yake. Ta zauna a bakin ƙofar ta rufe fuska da mayafi. Yayana ya ciro takarda ya rubuta mata lambar lauyar, ya ce ta tafi da katin shaidarta da wani babba da zai tsaya masa. Ta miƙe ta shiga ciki neman takalmi.